Ba Afdet Ne Ya Cinye Lambobinka Ba, Malam: Martani Ga Mai Cewa A Koma Kan Sim

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci mazaunin Gusau ya fitar kwanakin baya a kan ɓacewar lambobin waya, na kuma sake karantawa a tsanake, domin abin da ya same shi ya taɓa shiga gidanmu har sau biyu. Ya kai wayarsa wurin gyara, aka ce masa an yi mata afdet, ya koma gida ya tarar babu sunan kowa a ciki, har na mahaifiyarsa. A cikin zafin wannan rashi ya yanke hukunci cewa afdet ne ke cinye lambobi, kuma ajiye su a akawun ɗin Google ba dabara ba ce ga mutumin Zamfara, wanda ya ga ranar da aka wayi gari babu sabis a jihar gaba ɗaya. Shawarar da ya ba jama'a ita ce kowa ya kwashe lambobinsa ya mayar kan sim, ya cire akawun daga waya, ya kuma daina taɓa duk wani saƙon afdet da ya bayyana masa.

Malam, na ji zafin da ka ji, kuma ban raina shi ba. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk wanda ya bi shawararka ta cire akawun zai jawo wa kansa, da hannunsa, ainihin asarar da kake kuka a kanta.

Mutum na buɗe waya ya ga sunaye a jere daga A zuwa Z, sai ya ɗauka duk a wuri ɗaya suke zaune. A gaskiya jerin nan haɗaka ne na ma'ajiya uku: akwai lambobin da ke kan sim, akwai waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwar wayar kanta, akwai kuma waɗanda ke ƙarƙashin akawun. Duk sanda ka zo adana sabuwar lamba, akwai ɗan layi a sama da ke cewa Save to, kuma abin da ke rubuce a gabansa, ko SIM, ko Phone, ko adireshin Gmail, shi ke yanke makomar lambar nan. Yawancinmu ba mu taɓa kallonsa ba. Kowace ma'ajiya kuwa da irin ajalinta. Ta kan sim tana tafiya ranar da sim ya tafi. Ta cikin waya tana mutuwa ranar da aka yi wa waya fomatin. Ta akawun ba ta jin fomatin, ba ta jin sata, amma tana ɓacewa daga fuskar waya da zarar an cire akawun ɗin. Wayar ma tana gargaɗi kafin a cire, da Turancin da ba kowa ke tsayawa karantawa ba: Removing this account will delete all of its messages, contacts, and other data from the phone. Ma'anarsa, cire akawun zai share saƙonninsa da lambobinsa daga wannan waya. Daga wayar kawai, ba daga akawun ba. Wanda ya san adireshinsa da kalmar sirrinsa zai mayar da su cikin minti kaɗan. Wanda bai sani ba, kuma su ne da yawa a cikin masu karanta ka, ya rufe ƙofa ne ya jefa makulli a rijiya.

Bari in ba ka labarin kawuna, domin ina da yaƙinin irin naka ne sak. Dillalin hatsi ne a Tsafe, kuma duk harkarsa a waya take: direbobin da ke ɗaukar kaya zuwa Funtuwa da Kano, manoman ƙauyukan da yanzu ba kullum ake iya shiga ba, masu auna, masu ɗinkin buhu, da waɗanda yake bi bashi. Wayarsa ta fara nauyi, tana maƙalewa in an kira shi, sai ya shigo Gusau ya ba wani yaro mai gyara. Bayan la'asar ya karɓa, yaron ya ce an yi afdet, ta koma sabuwa. Da magariba ya iso gidana ransa a ɓace, ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce, “Ɗana, duba min nan. Mutane sama da ɗari shida ne a ciki, yanzu arba'in da ɗaya suka rage.”

Ban fara da wurin lambobi ba. Na fara da fuskar wayar, sai na ga hoton jikarsa da ya daɗe a kai babu shi. Na shiga wurin hotuna, fayau. Na taɓa WhatsApp, ya nemi a sa lamba kamar yau aka saye ta. Na ce, “Kawu, wannan ba afdet ba ne, wanke ta aka yi.” Afdet na gaskiya, wanda kamfanin waya ke turowa, yana sabunta manhajar da ke tafiyar da ita ne, ya bar kayan mai ita yadda suke: hotuna suna nan, hirarraki suna nan, ƙarar kira ba ta canza ba. Fomatin ko filashin kuwa suna mayar da waya yadda ta fito daga kwali. Matsalar ita ce a bakin wasu masu gyara kalmar afdet ta zama laima, komai aka yi wa waya a ƙarƙashinta ake fakewa, saboda ta fi daɗin ji a kunnen mai kaya. Kai ma, Malam, ka ambata a maƙalarka cewa sai da ka sake buɗe WhatsApp daga farko. Wannan jimla kaɗai ta isa shaida a kan abin da aka yi wa wayarka.

Arba'in da ɗayan da suka rage na kan sim ne, tsofaffin lambobi tun zamanin ƙaramar wayarsa mai madannai. A nan na san za ka ce ka ga ni, sim ne ya tsira. Ka yi haƙuri, zan zo kansa.

Na shiga Settings, na nemi wurin Accounts, sai ga wani adireshin Gmail mai dogon lissafi a ƙarshe, wanda Kawu bai taɓa ji ba. Yaron ya buɗe masa sabo ne domin ya iya sauke manhajoji daga Play Store, kuma sabon akawun ba shi da ko lamba ɗaya. Tsohon fa? Kawu bai san adireshinsa ba, balle kalmar sirri. Wanda ya sayar masa da wayar shekaru uku baya shi ya buɗe, ya rubuta a wata 'yar takarda, takardar ta bi iska. Wannan shi ne ainihin ciwon da ke damun mu daga Tudun Wada har Kwatarkwashi: akawun na mutum ne, amma wani ne ya buɗe, wani ne ya zaɓi kalmar sirri, mai shi bai ma san yana da shi ba.

Abin da ya cece mu shi ne mai shagon farko ya sa layin Kawu a matsayin lambar ceto, kuma layin yana raye a hannunsa. A shafin shiga Google akwai rubutu ƙarami mai cewa Forgot email? Na taɓa shi a kwamfutata, na sa lambar Kawu, aka nemi sunan farko da na ƙarshe da aka buɗe akawun da su. A nan muka ɗan sha wuya, domin sai an rubuta su yadda mai shagon ya rubuta. Mun gwada sunansa da na mahaifinsa, bai yi ba. Muka gwada sunansa da Tsafe, sai ga saƙo ya shigo wayarsa ɗauke da lambobi shida. Da muka sa su, adireshin ya bayyana. Daga nan muka bi Forgot password? aka sake turo wasu lambobin, muka zaɓi sabuwar kalmar sirri, na sa shi ya rubuta ta da ajami a bangon littafin bashinsa. Sannan na buɗe contacts.google.com, kuma kafin in ce komai Kawu ya miƙo wuya ya fara karanta sunayen direbobinsa da ƙarfi. Lambobi 538 ne a wurin. Muka sa tsohon akawun a wayar, muka shiga Account sync muka tabbatar maɓallin Contacts a kunne yake, ba a yi minti biyar ba suka sauko.

Lissafi bai cika ba. Kawu ya ce akwai mutanen da ya sani tun bayan damina, babu su. Da muka bi sawu sai muka gano cewa wani lokaci a baya wurin Save to ya koma kan Phone, wataƙila hannu ne ya taɓa, kuma tun daga ranar duk sabuwar lamba cikin ƙwaƙwalwar waya take faɗawa, ba ta zuwa akawun. Irin waɗannan fomatin na tafiya da su. Hanya ɗaya ta rage, ita ce ajiyar da waya ke yi wa kanta lokaci zuwa lokaci, wadda ake gani da sunan Backup. A Settings, ƙarƙashin Google, akwai wurin da ake kira Restore contacts; a wasu wayoyin yana cikin manhajar Contacts ta Google, a sashen Fix & manage ko Organize. Mun same shi, ya nuna sunan wayar Kawu da ranar ajiyar ƙarshe, muka taɓa Restore, lambobi 27 suka dawo. Ranar ajiyar kuwa ita ce ta ba ni mamaki: washegarin babbar salla, wata huɗu baya.

Dalilin wannan ya kamata kowane mutumin karkara ya sani, kuma da a kansa ka yi rubutu da na sa hannu na goya maka baya. Wayar Android, in ba a canza mata tsari ba, tana yin wannan ajiya ne idan tana kan wayifai, tana jone da caji, an kuma bar ta ba a taɓa ba na kimanin awa biyu. An tsara abin ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa. Kawu kuwa wurin mai caji yake kai waya, sau da yawa a kashe, kuma da datar layinsa yake aiki. Sharuɗɗan nan uku ba su taɓa haɗuwa ba sai daren da ya kwana a gidana da salla. Akwai maɓalli a shafin Backup da ke ba waya izinin yin ajiya da datar layi, akwai kuma Back up now na yi da hannu nan take, amma babu wanda ya taɓa nuna masa. Lambobin da ya adana cikin wata huɗun nan, wajen talatin, sun tafi. Ya dawo da wasu ta hanyar tambaya a kasuwa, wasu kuma sai da masu su suka kira.

Ka lura da yadda asarar ta rabu, Malam. Abin da ke cikin akawun ya dawo cif. Abin da ke cikin waya ya dawo rabi, gwargwadon tsufan ajiya. Babu ko lamba ɗaya da afdet ya ci.

Ban ce afdet na gaskiya ba ya taɓa rikita jerin sunaye ba. Yana yi, amma ɓoyewa yake yi, ba sharewa ba. Wani lokaci bayan an sabunta, manhajar lambobi kan koma nuna ma'ajiya ɗaya kawai, ta sim misali, sauran su shige duhu. Gwajin mai sauƙi ne: ka danna lambar wani da ka haddace, wanda ka san ka adana shi a akawun, kamar za ka kira. Idan sunansa ya fito, lambobinka suna nan, sai ka nemi Contacts to display ko wurin zaɓen akawun a saman jerin, ka zaɓi a nuna duka. Idan kuma a WhatsApp ne kawai sunaye suka koma +234, alhali a wurin kira suna nan, izinin karanta lambobi ne ya fita; ana mayar da shi ta Settings, Apps, WhatsApp, Permissions. Sunayen wuraren nan kan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da itel da Samsung, amma akwatin nema da ke saman Settings yana kai mutum. Wanda ya firgita a wannan gaɓa ya ruga shago aka yi masa fomatin, shi ne ke mayar da ɓoyewa ta zama asara.

Akwai inda za ka iya kama ni da gaskiya, kuma ba zan ɓoye maka ba, domin shi ne karo na biyu da abin ya shiga gidanmu. Abin da waya ke kira Sync ba rumbu ba ne da ake zuba hatsi a rufe. Ya fi kama da mai shago da yaronsa, kowa da littafin bashinsa, suna zama kullum su daidaita: abin da ɗaya ya ƙara, ɗayan ya ƙara, abin da ɗaya ya soke, ɗayan ya soke. Ƙanwata da ke aure a Bungudu ta samu sabuwar waya, aka sa mata akawun ɗinta, lambobinta suka sauko lafiya. Tsohuwar ta ba ɗanta, ba tare da an cire akawun ba. Yaro ya ga sunayen ƙawayen uwarsa da masu sayen turarenta sun cika masa waya, ya zaɓe su duka ya goge. Washegari ta buɗe tata wayar a ɗakinta, babu kowa. Ita ma cewa ta yi afdet ne, domin a daren wayar ta nuna wani saƙo da ba ta gane ba.

Ta kira ni a rana ta tara. Na ce, “Kada ki adana komai, kada ki goge komai, ki karɓe wayar nan daga hannunsa.” Lambar da aka goge daga akawun ɗin Google tana faɗawa kwandon shara mai suna Trash, a wasu wayoyin Bin, ta zauna kwana 30 kafin a share ta har abada. Akwai kuma wata ƙofar a contacts.google.com, a ƙarƙashin alamar saiti da ke sama, mai suna Undo changes, wadda ke mayar da jerin gaba ɗaya yadda yake minti goma baya, ko awa ɗaya, ko jiya, ko mako ɗaya, ko ranar da mutum ya zaɓa, muddin ba ta wuce kwana 30 ba. Muka zaɓi kwana goma, lambobinta suka dawo. Abin lura shi ne wannan mayarwa tana ɗauke abin da aka ƙara bayan ranar da aka zaɓa, don haka sai da na sa ta rubuta sababbin lambobi huɗu da ta samu a makon kafin mu taɓa. Bayan nan aka cire akawun ɗinta daga wayar yaron, wanda shi ne wurin da cire akawun ya dace: wayar da ta bar hannunka.

To, Sync na iya yaɗa ɓarna, gaskiya ne. Amma ɓarnar da ta bar maka wata guda ka gyara, ba ɗaya take da ta sim ba. Lambar da aka goge daga sim ba ta da kwandon shara.

Yanzu mu zo kan sim ɗin. Galibin sim ba ya ɗaukar fiye da lamba 250, wato ko rabin mutanen Kawu ba za su shiga ba. Suna ɗaya, lamba ɗaya yake karɓa, alhali kusan kowa a nan layi biyu gare shi saboda inda wannan ke kamawa wancan ba ya kamawa. Yana kuma datse dogon suna, ga shi mu da siffa muke adana mutane: Alhaji Sani mai masara na kasuwa da Alhaji Sani mai mota duk za su iya komawa abu guda a ido. Waɗannan ƙananan matsaloli ne. Babbar ita ce sim a cikin waya yake kwana. Ranar da aka zare maka ita a tasha, ko ta faɗa ruwa, ko aka tare hanya tsakanin Tsafe da Gusau aka karɓe wayoyin fasinjoji, waya da sim tare suke tafiya. Ka je ofis ka yi walkam bak, za a ba ka layinka, amma sabon katin wayam yake zuwa, domin kamfanin layi ba ya riƙe da lambobin da ke kan tsohon. A jihar da rabuwa da waya ba labarin nesa ba ne, cewa mutum ya tara duk mutanensa a kan ɗan katin da ke cikin wayar ita ce shawara mafi haɗari da za a ba shi.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ta 2021, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Ranar 3 ga Satumba na shekarar hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe sabis a Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Dukkanmu mun tuna yadda mutane ke shiga mota su bar jihar don kiran waya guda. Kana tambaya, me ajiyar da ke can wata ƙasa ta amfana wa mutumin Tsafe a watannin nan? Amsar ita ce lambobin akawun ba a can kaɗai suke ba. Littattafan nan biyu da na ambata, ɗaya yana cikin wayarka, kuma ɗaukewar sabis ba ta taɓa shi. Duk wanda akawun ɗinsa ke cikin wayarsa a lokacin, sunayensa suna nan yana kallo, kira ne kawai ba ya shiga, kuma mai sim ma nasa kiran ba ya shiga. Waɗanda suka sha wuya su ne waɗanda aka yi wa fomatin ko aka cire wa akawun a tsakiyar watannin, domin babu hanyar sauko da komai sai an fita jihar.

Inda nake ba ka gaskiya shi ne kan wa'adi. Kwana 30 na kwandon shara ba ya jiran sabis ya dawo. Ita ma ajiyar Backup tana da nata: wayar da ta shafe kwana 57 ba a yi amfani da ita ba, ana share ajiyarta. Kusan wata ukun da ƙauyukanmu suka yi a rufe ya zarce duka biyun. Waɗanda suka tsara wa'adin nan ba su yi tunanin jiha sukutum za ta yi shiru haka ba. Amma lambobin da ke zaune a cikin akawun ba sa cikin wannan lissafi. Su wa'adinsu shi ne na akawun ɗin kansa, wanda Google ta ce, tun daga Disamba 2023, tana iya sharewa idan ya shekara biyu ba a shiga ba.

Maganin ranar da babu sabis yana nan, kuma ba sim ba ne. A manhajar lambobi akwai Export, a ta Google ana ganinsa da sunan Export to file. Yana tattara duk sunaye da lambobinsu, komai yawansu, cikin fayil guda mai ƙarewa da .vcf, ƙarami ƙwarai in babu hotuna a ciki. A kwafe shi zuwa katin memori da ba a barinsa cikin waya, ko a tura wa wani amintacce a gida ta Bluetooth. Ranar da aka samu wata wayar, a taɓa Import, a nuna mata fayil ɗin, ba a buƙatar ko ɗigon data. Wannan kuma ita ce amsata ga damuwarka ta miƙa lambobin jama'armu ga kamfanin ƙetare. Damuwa ce mai tushe, kuma wanda ya ƙi amincewa yana da haƙƙinsa. Fayil ɗin nan shi ne hanyarsa, da sharaɗin ya riƙa sabunta shi duk wata, ya kuma tsare shi, domin duk wanda ya same shi ya samu mutanensa gaba ɗaya. Littafin takarda da ka yaba ma ban ƙi shi ba, ga lambobi ashirin na dangi da na gaggawa.

Abin da maƙalarka ta tsallake gaba ɗaya shi ne lambar ceto. Da layin Kawu ya mutu, da labarinsa ya ƙare a kan arba'in da ɗaya. Tun daga Disamba 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 14 ga Satumba 2024, kuma layuka da yawa sun rufe a tsakanin nan. Mutane da dama ba su bi sawu ba, suka sayi sabo suka ci gaba da harka, ba su san cewa tsohon layin ne makullin akawun ɗinsu ba. Layin da ya daɗe a mace kuwa kamfani na sake sayar da shi, sai saƙon lambobi shidan nan ya riƙa zuwa wayar baƙo. Don haka wanda ya canza layi, tun yana cikin akawun ɗinsa, ya shiga Manage your Google Account, sashen Security, ya duba Recovery phone, ya tabbatar lambar da ke wurin ita ce a aljihunsa, ba ta mai shago ba, ba kuma wadda ta mutu ba. Wanda kuma zai kai waya gyara, ya buɗe contacts.google.com a Chrome tun a gida ya ga adadin da ke wurin ya yi daidai da na cikin waya. In bai yi ba, akwai Google Contacts sync settings, inda ake kunna maɓallin da ke kwashe lambobin cikin waya su ma zuwa akawun. Sannan ya faɗa wa mai gyara baki da baki cewa kada a yi fomatin, kada a buɗe sabon akawun, sai an kira shi.

Gujewa afdet kuwa ba ya tsare lamba ko ɗaya, sai dai ya bar waya da kafofin da aka riga aka toshe wa wasu, a lokacin da kuɗin mutane ke cikin manhajojin banki a wayoyin nan.

Malam, bisa ranar da ka ambata a rubutunka, wayarka ba ta kai kwana 57 da wankewa ba. Tsohon akawun ɗinka yana nan, kuma mai yiwuwa ajiyar wayar ma ba ta ƙare ba. Ka samu kwamfuta ko wayar wani na gida, ka riƙe layin da ka fi daɗewa da shi a hannu, ka buɗe shafin shiga Google, ka taɓa Forgot email? Idan sunanka da na mahaifinka bai yi ba, ka gwada sunanka da Gusau.